Hatimin da Ke Ƙasan Wasiƙa

Laraba ranar awo ce, ranar awo kuwa ba ta yi wa kowa daɗi a asibitin. Tun kafin takwas bencina suka cika da masu ciki, kowace da katinta a hannu tana fifita da shi, fankar sama tana juyawa don fita hakki kawai. Kafin ƙarfe biyu Likita ta duba mata arba'in da ɗaya. Shayinta ya huce har ya yi fata a kai, ƙafafunta sun kumbura a cikin takalmi, abin da take so a duniya shi ne a bar ta minti biyar ba wanda ya ce mata "Likita".

A daidai nan Baban Fayil ya turo ƙofa. Shi ne tsohon da ke kula da ɗakin ajiye takardu, mutumin da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, ba a kuma taɓa jin ya ɓatar da takarda ba.

"Ranki ya daɗe, saƙonki na wancan asibitin ya iso," ya ce yana ajiye ambulan mai ruwan ƙasa. "Wata biyu cur. Da ƙafa ya zo, ina ji."

Ta ɗauka ta duba lambar da ke jiki, sai ta tuna. Takardar wata mai ɗinki ce.

Wata biyu da suka wuce matar ta zo mata da ciki wata bakwai, da zare a maƙale a gefen mayafinta. Shekara uku baya an yi mata aiki a wani asibiti a wani gari, aka ciro mata 'ya mace, saboda yarinyar ta kwanta a gicciye. Abin da ta sani ke nan. An sa ta barci, ta farka da ciwo, sai kwana biyu ta ga 'yarta. Ba ta zauna ba ma ta fara magana.

"Likita, don Allah kada a sake yanka ni. Ba tsoron wuƙa nake ba. Innata ce, shanyewar ɓarin jiki ta same ta bara. Ni nake ɗaga ta, ni nake mata wanka, ni nake juya ta. In aka yi mini aiki an ce sati shida ba zan ɗaga abu mai nauyi ba. To wa zai ɗaga ta?"

Mijinta direban babbar mota ne, sati biyu a hanya, kwana uku a gida. Yayarta ma'aikaciya ce a wani gari mai nisa. Likita ta duba ta ranar, ta ga tabon a kwance a ƙasan mara, siriri, ya warke lafiya lau. Ta yi mata bayanin gwajin naƙuda tsaf, ta kuma ce za ta aika a nemo takardar aikin farko. Da matar ta miƙe za ta tafi sai ta juyo.

"Ki rubuta mini, Likita. In na faɗa da baki maigida zai ce son raina ne. Amma in ya ga hatimi shi ke nan."

Likita ba ta saba rubuta wa marasa lafiya wasiƙa ba, ina lokacin yake? Amma ranar, bayan an watse, ta zauna gaban kwamfutar ofis ta rubuta. Har yanzu wasiƙar tana nan a ajiye a kwamfutar. Ta buɗe ta kafin ta buɗe ambulan ɗin, don jikinta ya riga ya ba ta wani abu.

"Ƙanwata," in ji wasiƙar, "ga abin da muka tattauna, don ki karanta a nutse ki kuma nuna wa mutanen gida. Yin aiki sau ɗaya ba ya hana mace haihuwa da kanta daga baya. An yi miki na farko ne saboda kwanciyar yarinya, wannan kuwa matsalar wancan cikin ce, ba ta jikinki ba. Shekara uku sun isa mahaifa ta warke. Saboda haka, idan kan jariri ya juyo ƙasa a ƙarshen ciki, za mu yi abin da ake kira gwajin naƙuda. Wato mu bar naƙuda ta zo da kanta, mu kuma mu tsaya a kanki muna sa ido. A cikin mata huɗu irinki, wajen uku da kansu suke haihuwa. Ta huɗun akan koma a yi mata aiki, kuma wannan ba kasawa ba ce.

"Ba zan ɓoye miki haɗarin ba. Tsohon ɗinkin mahaifa yana iya buɗewa lokacin naƙuda. Yakan faru ga kamar mace ɗaya a cikin ɗari biyu. Shi ya sa za ki haihu a nan, inda ɗakin tiyata da jini suke a shirye. Da zarar ciwo ya fara ko faya ta fashe, ki taho, kada ki jira ya yi ƙarfi. Za a sa miki allurar ruwa a hannu, a ɗaura miki na'urar da ke bin bugun zuciyar jariri har ki sauka. Kada ki sha wani maganin saurin naƙuda, kada ki bari a yi miki allurarsa a waje. Idan kika ga jini, ko ciwon da ba ya lafawa, ko motsin jariri ya ragu, ki zo nan take. Ki kwantar da hankalinki, ki riƙa barci. Ba ke kaɗai za ki yi wannan naƙudar ba."

Sai sa hannunta, sai hatimin asibiti.

Wasiƙa ce mai kyau, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Matsalar layin da ba ya ciki ce. Likita ta tuna shi sarai, don ita ta rubuta shi ita ta goge: "Duk wannan ya dogara ne da takardar aikin farko ta tabbatar mana cewa yankan mahaifar a ƙasa yake, a kwance." Layin ya tura sa hannu zuwa shafi na biyu, na'urar buga takarda kuma tana cinye kowane shafi na biyu da aka ba ta. Ta gaji, kanta yana sarawa. Ta ce wa kanta ai ta riga ta faɗa da baki, kuma me ya sa za ta ƙara wa matar abin hana barci? Ta goge, komai ya zauna a shafi ɗaya, ta ji daɗin kyan da ya yi.

Ta yage ambulan ɗin. Kwafin takarda ne, baƙi-baƙi, da rubutun wani likita mai gaggawa. Ta bi layi-layi da yatsa. An yanka mahaifa a ƙasa, a kwance. Madalla. Layi na gaba: yarinya ta ƙi fitowa, bayanta ne a ƙasa, dole aka ƙara yanka daga tsakiya zuwa sama, cikin naman mahaifa mai kauri. Har ya zana shi a gefe, layi a kwance da wani a tsaye a kansa. A ƙasan shafin ya ja layi biyu ƙarƙashin gargaɗinsa: kada a bar ta ta yi naƙuda a ciki na gaba. Shekara uku gargaɗin yana kwance a cikin kabad, mai jikin ba wanda ya faɗa mata.

Likita ta cire tabarau ta dafe idanunta. Ba mamaki ta ji ba, ta sha ganin haka. Tabon fata daban, na mahaifa daban, wannan ko ɗalibin shekarar ƙarshe ya sani, ita ma take koya musu. Kunya ta ji, da wata irin gajiya da ta sauka mata har tafin ƙafa.

Sista, babbar ungozomar ɗakin haihuwa, ta shigo neman sa hannu, ta tarar da ita haka. Likita ta miƙa mata takardar. Sista ta karanta, ta ja dogon numfashi.

"Mai ɗinki ce ko? Wadda ke yawo da wasiƙarki a leda?"

"A leda?"

"Ta sa an manne mata ita da roba kada ta jiƙe. Duk ranar awo sai ta karanta wa na kusa da ita a benci. Rabin matan nan sun haddace ta. Satinta nawa yanzu?"

"Talatin da shida."

Suka kira lambar da ke katinta, a kashe. Suka kira ta mijin, ba ta shiga, yana can wata hanya da ba sabis. Sista ta ce ai Laraba mai zuwa za ta zo awo, a bari sai lokacin.

"In naƙuda ta riga Laraba fa?" in ji Likita. "In ta zo nan da sauƙi, fayil zai nuna. Amma akwai ƙaramin asibiti a bakin layinsu. Ta shiga can da ciwo, ta miƙa musu takarda da sa hannuna da hatimi. Ke in ke ce a can, me za ki yi?"

Sista ta mayar mata da takardar. "Zan ba ta gado in ce ta yi ta nishi."

Saura mata tara a benci. Likita ta gama da su ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa ɗakin haihuwa, ta je ɗakin tiyata ta roƙi gurbi a jerin ranar Talata, ta sha surutun mai tsara jerin. Ƙarfe biyar saura ta kwafi adireshin daga katin ta shiga mota. Shekara ashirin da biyu tana aikin nan ba ta taɓa bin mara lafiya gida ba, kuma ba ta jin wani alfahari da farawa yau.

Shagon yana bayan wani mai gyaran firji, ɗaki ɗaya ne da aka raba da labule. Gaba keken ɗinki da teburin yanka da riguna a rataye, baya gado. Mai ɗinki tana zaune a kan keke, ta ɗan ja da baya saboda ciki ya hana ta matsowa, ƙafafunta a kumbure a kan feda. Da ta ɗaga kai ta ga wadda ke bakin ƙofa sai ta dafa tebur ta miƙe.

"Likita? Ke da kanki? Sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Lafiya, ƙanwata. Wayarki ce a kashe."

"Yarinya ta jefa ta a bokiti. Inna, ga likitata, mai wasiƙa."

Ta yaye labulen. Tsohuwar tana kwance a kan katifa mai roba, tsaf da ita, ba wari ko kaɗan, bakinta ya ɗan karkace. Likita ta durƙusa ta gaishe ta, gwiwoyinta suna ƙara. Tsohuwar ta kama hannunta da hannun da ke aiki, ta yi ta sa mata albarka da harshe mai nauyi. Likita ta ji da ma ƙasa ta buɗe.

A bangon da ke saman keken ta hango wasiƙar, a cikin robarta, a rataye a ƙusa ɗaya da tef ɗin awo.

Ba ta yi kewaye-kewaye ba, ba ta da ƙarfinsa. Ta zauna a kan kujerar kwastomomi ta ce takardar aikin farko ta iso, kuma ta canza magana. Ta nemi alli da wani ƙyalle. Mai ɗinki ta miƙo mata. Ta ja layi a kwance a ƙasan ƙyallen.

"Wannan na zata aka yi miki. Nan wurin siriri ne, yana warkewa da kyau, naƙuda ba ta cika jan shi ba." Ta ja wani daga tsakiyar layin zuwa sama. "Amma sun ƙara wannan, don su iya fito da 'yarki da rai. Sun yi daidai. Sai dai nan ne naman da ke matsawa lokacin naƙuda. Haɗarin buɗewarsa ya ninka wancan sau da yawa, wani lokaci ma ba ya jiran naƙuda ta yi nisa. In ya buɗe, mintoci ne tsakaninki da rasa jariri, ko mahaifar, ko ke kanki."

Mai ɗinki ta karɓi ƙyallen ta daɗe tana kallo. Ta ɗora babban yatsa a inda layukan biyu suka haɗu, ta ɗan ja ƙyallen gefe da gefe.

"Nan zai fara ɓarkewa," ta ce a hankali.

"Nan ko sama da shi."

"Amma tabona a kwance yake. Kin gani da idonki."

"Na fata na gani. Na ciki sai takarda."

"To me ya sa ba ki rubuta haka ba?"

Likita tana da amsoshi. Na faɗa miki da baki. Yawancin mata ba haka nasu yake ba. Wancan asibitin ne ya kamata ya gaya miki tun shekara uku. Duk gaskiya ne, duk kuma ba su da amfani a ɗakin nan.

"Na rubuta, na goge," ta ce. "Na gaji ranar, ina so ya tsaya a shafi ɗaya, kuma ban so in tayar miki da hankali. Laifina ne, ba na kowa ba."

Matar ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta koma ta zauna a kan keken kamar wadda aka ɗora wa buhu.

"Kin san Yaya ta riga ta nemi hutu a wurin aiki? Sati shida, za ta zo ta riƙe Inna in an yi mini aiki. Da kika ba ni wasiƙa na ɗauki hotonta na tura mata, don ta taya ni murna. Washegari ta je ta soke hutun. Ta ce tunda likita ta sa hannu, kwana uku zan miƙe." Ta yi wata gajeriyar dariya. "Ba ta ma karanta wurin ta huɗun ba. Ni ma tsallake shi nake yi."

Daga bayan labule tsohuwar ta kira ta. Mai ɗinki ta tashi, ta shiga, ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗar uwar da ƙugunta ta juya ta ɗaya gefen, da cikinta da komai, ta gyara filo. Likita ta kalli yadda jijiyar wuyanta ta tashi, ta kawar da kai.

Da Mai ɗinki ta fito sai ta ce, "In na ƙi fa? In na zauna a gida har sai kai ya fito?"

"Jikinki ne, ba mai ɗaure ki. Amma zan zo gobe in sake faɗa miki, in zo jibi. Ni kuma wallahi ƙafafuna ba za su ɗauka ba, ki tausaya mini."

Matar ta kalli ƙafafun Likita, ta kalli nata, duka huɗun kamar an hura. Bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi murmushi.

"Na samo miki gurbi ranar Talata," in ji Likita. "Satinki talatin da bakwai ke nan, jariri ya isa, kuma mun riga naƙuda. Ki kwana a asibiti ranar Litinin. In kika ji ko ɗan ciwon mara kafin nan, ki taho. Wannan karon ba za a sa ki barci ba. Allura ce a baya, ƙasa ya mutu, idonki biyu. Za ki ji kukansa, in komai lafiya a ɗora miki shi a ƙirji ana cikin ɗinki."

"Ke za ki yi?"

"Ni zan yi."

A waje mai gyaran firji yana ta buga wani ƙarfe. Can Mai ɗinki ta jawo littafin da take rubuta awon mutane, ta yago shafi daga tsakiya, ta ajiye a kan teburin yanka da biro.

"To rubuta wa Yaya. Takardarki ce ta kore ta, takardarki ce za ta dawo da ita. Ki rubuta komai, ko shafi goma ne."

Likita ta rubuta a tsaye, da hannu, ta cika gaba ta juya baya. Ta yi zanen layi biyun. Ta rubuta sati shida, ta ja layi a ƙasa. Ta rubuta cewa wasiƙar farko kuskurenta ce. Ta fito da hatimi daga jaka ta buga, ta ɗauki hoton da wayarta, Mai ɗinki ta faɗa mata lambar Yaya da ka, ta tura. Alama ta nuna an karanta. Amsa ba ta zo ba, suka gaji da kallon wayar.

"Za ta yi masifa tukuna," in ji Mai ɗinki. "Sai ta gama take shiga mota."

Likita ta ɗauki jakarta. Saura abu ɗaya, wanda ya fi komai yi mata nauyi a baki. Ta nuna bango.

"Waccan zan tafi da ita. Kada ciwo ya kama ki wani ya ɗauke ta ya kai ki inda za a gan ta a yarda."

Matar ta ciro wasiƙar daga ƙusa, amma ba ta miƙo ba. Gefen robar duk ya yi laushi saboda riƙo.

"Shekara uku ban yi barcin kirki ba, Likita. Da na rufe ido sai in ga fitilar ɗakin tiyatar nan a kaina. Wata biyun nan ne kawai na yi barci."

Ta ɗauki babban almakashin yanka, ta auna da ido, ta datse ƙasan takardar a miƙe, ƙyat ɗaya, da roba da komai. Ta miƙa wa Likita guntun da ke da sa hannu da hatimi. Sauran ta mayar kan ƙusa, ya ƙare a kan layin da ya ce ba ita kaɗai za ta yi ba.

"Ranar Litinin ƙarfe nawa?" ta ce.

"Huɗu na yamma. Ki zo da katinki."

Likita ta sa guntun a aljihun farar rigarta, ta leƙa ta yi wa tsohuwa sallama. A cikin mota ta zauna ta daɗe ba ta tayar ba, gefen robar da aka yanka yana sukar ta a cinya, ba ta gyara shi ba.